Salon Wasiƙar Neman Biyan Bashi: Daga Tuni Zuwa Gargaɗin Ƙarshe

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan ya sa mai bin bashi yakan sami kansa tsakanin buƙatu biyu: yana son kuɗinsa su dawo, kuma ba ya son ya rasa abokin cinikinsa. A cikin wannan maƙala za a dubi yadda ɗan kasuwa ke tuna wa abokin ciniki kuɗin kayan da wa'adin biyansu ya wuce, mataki bayan mataki. Abin da ake son nunawa shi ne, ba yawan faɗa ke bambanta wasiƙar farko da ta ƙarshe ba. Abubuwa uku ne ke sauyawa: tsawon gaisuwa, lamirin da ake amfani da shi, da faɗin ƙofar uzurin da ake bar wa wanda ake bi.

2.0 Misalin da Za a Bi

A ƙaddara wani babban ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano, ya ba wani mai kanti a Gusau turmin atamfa 40 a kan N15,000 kowane turmi, jimla N600,000. Mai kantin ya ba da kafin alƙalami na N200,000, saura N400,000. An rubuta takardar lissafin kaya mai lamba 214 ranar 3 ga Maris, wato takardar da ke ɗauke da yawan kaya, farashinsu da ranar biya. An yi wa'adin kwana 30, wanda ya cika ranar 2 ga Afrilu. Ranar ta zo ta wuce, shiru.

Kafin a ɗauki alƙalami, wajibi ne mai bin bashi ya duba littafinsa da asusunsa na banki, ya tabbatar kuɗin ba su shigo ta hannun ɗan aike ko yaron kanti ba. Tunin bashin da aka riga aka biya ya fi rashin tuni ɓata ciniki. Bayan wannan, kowace wasiƙa dole ta ƙunshi abubuwa huɗu: lambar takardar, adadin da ya rage, ranar da wa'adi ya cika, da hanyar da za a bi a biya.

3.0 Mataki na Farko: Tuni

Ana aika wannan kamar mako guda bayan cikar wa'adi, a misalinmu ranar 9 ga Afrilu. Ga yadda za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Alhaji yana lafiya, da iyali da kasuwa. Bayan haka, muna duba littafi ne sai aka ga takarda mai lamba 214 ba a rufe ta ba. Akwai cikon N400,000 da wa'adinsu ya cika ranar 2 ga Afrilu. Mun san hidima da yawa, wataƙila an sha'afa ne. In kuwa an riga an turo, a yi haƙuri a sanar da mu don mu gyara lissafi. Allah ya ƙara arziki."

A lura da cewa babu inda aka ce "ka" ko "kai". An fake da lamirin da ba ya nuna mai aikatawa: "aka ga", "ba a rufe ba", "an sha'afa". Da wannan salo laifi ya tsaya a kan takarda, bai hau kan mutum ba. Haka kuma kalmar "bashi" ba ta fito ba, "ciko" aka ce. Marubucin ma shi da kansa ya tanadar wa Alhaji uzuri guda biyu, mantuwa da saɓanin lissafi, don ya biya ba tare da jin kunya ba.

4.0 Mataki na Biyu: Tambaya

In mako biyu sun wuce ba amsa, sai wasiƙa ta biyu, ranar 23 ga Afrilu. Manufarta ita ce gano dalilin jinkiri, saboda haka jigonta tambaya ce:

"Assalamu alaikum, Alhaji, da fatan kana lafiya. Na rubuto maka ranar 9 ga Afrilu game da cikon N400,000 na takarda mai lamba 214, amma ban ji daga gare ka ba. Yau kwana 21 ke nan da cikar wa'adi. Shin akwai wata matsala game da kayan ko lissafin? In babu, ina roƙon ka faɗa mini ranar da zan sa ran biya."

Gaisuwa ta ragu zuwa jimla ɗaya. "An" ta kau, "na" da "ka" sun bayyana, magana ta zama tsakanin mutum biyu. An kuma fara ƙirga kwanaki. Yana da kyau a bi wannan wasiƙa da kiran waya, domin amsar da za a samu ita ce za ta nuna hanya.

Amsar takan zo ta ɗaya daga fuskoki uku. In Alhaji ya ce turmi 5 sun zo da tabo, to wannan jayayya ce a kan kaya: sai a ware kuɗinsu, N75,000, a daidaita a kansu daban, a nemi sauran N325,000 da babu gardama a kansu. In ya ce kasuwa ce ta tsaya, alamar gaskiyarsa ita ce shi zai kawo adadi da rana, ya kuma biya wani abu komai ƙanƙantarsa. Irin wannan shi ne wanda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarnin a saurara masa har ya sami sauƙi, sai a tsara masa biya kashi-kashi a rubuce. In kuwa amsar kullum ita ce "in sha Allahu cikin satin nan", ba adadi ba rana, alhali kanti na buɗe ana ciniki, wannan taurin bashi ne.

5.0 Mataki na Uku: Tsayar da Rana

A ƙaddara Alhaji ya turo N100,000 ranar 28 ga Afrilu, ya ce zai cika a ƙarshen wata, bai cika ba. Wasiƙa ta uku, ta ranar 7 ga Mayu, ba ta tambayar rana, ita ce ke yanka ta:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Na karɓi N100,000 da ka turo ranar 28 ga Afrilu, na gode. Saura N300,000. Ka yi alkawarin cikawa ranar 30 ga Afrilu, hakan bai samu ba. Ina buƙatar cikon nan zuwa ranar 14 ga Mayu. Kafin a rufe wannan takarda ba zan iya sake ba da kaya bashi ba."

Abu biyu ne sababbi a nan. Na farko, an kama mutum da maganarsa, domin alkawari kaya ne. Na biyu, an ambaci sakamako na farko, wato tsayar da bashi, wanda abu ne da ke hannun marubucin, ba ya buƙatar izinin kowa. "Ina roƙo" ta koma "ina buƙata". Godiya kuma ba ta faɗi ba, domin ambaton abin da aka karɓa yana gyara lissafi, yana kuma nuna adalci. A wannan gaɓa ne al'adar kasuwa ta tanadi sa bakin mutum na uku, kamar dillalin da ya haɗa cinikin ko shugabannin kasuwa. Sau da yawa maganar wanda ake jin nauyinsa takan yi abin da takarda ta kasa.

6.0 Mataki na Huɗu: Gargaɗin Ƙarshe

In ranar 14 ga Mayu ta wuce, sai a rubuta ta ƙarshe ranar 21 ga Mayu, da take a samanta:

"GARGAƊIN ƘARSHE: TAKARDA MAI LAMBA 214. Assalamu alaikum, Alhaji. Ina bin ka bashin N300,000, ragowar kuɗin turmin atamfa 40 da ka karɓa ranar 3 ga Maris. Wa'adi ya cika ranar 2 ga Afrilu. Na rubuto maka ranakun 9 da 23 ga Afrilu da 7 ga Mayu. Na ba ka kwana 14 daga yau, wato zuwa ranar 4 ga Yuni. Idan ba a biya ba zuwa wannan rana, zan kai maganar gaban kotu ba tare da wata sanarwa ba. Wassalam."

Sai a nan ne kalmar "bashi" ta fito fili. Sallama ta tsaya, tambayar lafiya da addu'ar arziki sun faɗi. Jimlolin gajeru ne, kowace na ɗauke da adadi ko rana, sai jimlar sharaɗi guda ɗaya da ta rufe. Dalili shi ne wannan wasiƙa masu karatu biyu gare ta: Alhaji a yau, alƙali gobe. An kafa kotunan ƙananan ƙararrakin bashi a Legas a 2018, a Kano kuma a 2019, kuma ƙa'idarsu ta buƙaci mai ƙara ya fara aika takardar neman biya kafin ya shigar da ƙara. Don haka a ajiye kwafi, a kuma sa wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata.

7.0 Kurakuran da Ke Karya Wasiƙar

Kuskure na farko shi ne tsallake mataki. Wanda ya fara da zancen kotu a kan mantuwar mako guda zai iya samun kuɗinsa, amma ya rasa mai sayen kayansa.

Na biyu shi ne maimaita gargaɗin ƙarshe. Da zarar an aika "na ƙarshe" sau biyu, wanda ake bi ya gane kurari ne kawai. Alamar haka ita ce ya daina ko da ba da uzuri. Kada a rubuta abin da ba a shirya aikatawa ba.

Na uku shi ne barazanar da doka ba ta yarda da ita ba, kamar "zan sa 'yan sanda su kama ka". Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Haka ma ƙara wasu kuɗi a kan bashi saboda jinkiri: in ba a rubuta su tun farko ba, jayayya za su jawo, ga kuma 'yan kasuwa Musulmi suna gudunsu saboda riba.

Na huɗu shi ne zagi da tonon asiri a gaban jama'a. Magana zarar bunu ce, kuma wasiƙar da ke ɗauke da "maci amana" takan koma hujja a hannun wanda aka zaga.

8.0 Kammalawa

An ga yadda wasiƙu huɗu suka ɗauki mako shida, daga 9 ga Afrilu zuwa 21 ga Mayu, da tazarar mako biyu tsakanin kowace. Ta farko ta ba da uzuri, ta biyu ta nemi dalili, ta uku ta yanka rana, ta huɗu ta faɗi abin da zai biyo baya. Lamiri ya tashi daga "an" zuwa "ka", aikatau ya tashi daga roƙo zuwa buƙata, amma "Alhaji" da sallama ba su gusa ba daga farko har ƙarshe. Wannan ladabin da aka riƙe shi ne ke ba wanda ya biya ranar 3 ga Yuni damar sake shigowa kanti ya yi ciniki, ko da kuwa daga nan sai da kuɗi hannu.