Yadda Ake Karanta Takardar Awon Jini

Jama'a da yawa idan an miƙo musu takardar awon jini, layi ɗaya suke dubawa, wato Hb. In ya yi ƙasa sai su ce jini ya yi kaɗan, su nufi kemis neman maganin ƙarin jini. Wannan gaggawa ce. Hb yana faɗin cewa akwai ƙarancin jini ne kawai, dalilin kuwa yana cikin layukan da ke ƙasa da shi.

Mu ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 16 mai aikin shinkafa a fadama, wanda ke fama da kasala da haki. Takardarsa ta nuna Hb 8.6, alhali ana son na namiji ya kai 13, na mace 12, na mai ciki 11. To, ƙarancin jini ya tabbata. Sai a gangara kan MCV, wanda shi ne matsakaicin girman jar ƙwayar jini guda. Na lafiyayyen babba yana tsakanin 80 da 100. Na wannan saurayi 68 ne, ƙwayoyinsa ƙanana ne ke nan. MCH kuma yana auna yawan jan sinadarin da ke cikin kowace ƙwaya. Ana son 27 zuwa 32, nasa 21, wato sun koɗe. Ɓargo yakan fitar da irin waɗannan ƙwayoyi idan sinadarin ƙarfe ya ƙare masa. Da a ce MCV ya haura 100, da hankali ya koma kan ƙarancin bitamin B12 ko folik asid, ko ciwon hanta, ko shan giya. Da yana daidai kuma, sai a yi tunanin zubar jini na kwanan nan, ko ciwon ƙoda, ko wata doguwar cuta.

Amma a yi hattara, ba duk ƙaramar ƙwaya ce ke nufin rashin ƙarfe ba. A Afirka ta Yamma akwai masu gadon talasimiya mai sauƙi, ƙwayoyinsu ƙanana ne tun haihuwa, ko shekara suka yi suna shan maganin ƙarfe ba za su girma ba. RDW yana taimakawa a nan, domin yana nuna bambancin girman ƙwayoyin. Ba a son ya wuce 14.5 sosai. A rashin ƙarfe yakan hau, a wancan gadon kuwa galibi yana daidai. Na saurayinmu 18 ne. Akwai kuma ɗan lissafi: a raba MCV da RBC, wato yawan jajayen ƙwayoyi. Nasa 68 a raba da 4.1 ya ba da kusan 17. Abin da ya haura 13 ya fi karkata ga rashin ƙarfe. Wannan ishara ce kawai, awon feritin, wato ajiyar ƙarfe a jiki, shi ne ke tabbatarwa.

To ina ƙarfen ya tafi? Amsar tana wajen fararen ƙwayoyi. Jimillarsu, wato WBC, 7.0 ce, tana cikin iyakar 4 zuwa 11, mai gaggawa sai ya wuce. Sai dai fararen iri biyar ne. Nutrofil sukan hau idan bakteriya ta kama jiki, kamar a ciwon huhu ko ƙurji mai mugunya. Limfosayit sukan hau a cututtukan bairos, kuma a ƙananan yara dama su suka fi yawa. Monosayit kan ƙaru a doguwar cuta irin tarin fuka, basofil kuwa 'yan kaɗan ne. Iyosinofil su ne ke tashi idan akwai tsutsa a jiki, ko asma, ko borin jini.

Iyosinofil ɗin wannan saurayi kashi 17 cikin ɗari ne, alhali ba a son su wuce 6. Kada a tsaya ga kaso, a mayar da shi adadi: kashi 17 na 7.0 ya kusa 1.2, iyakar kuwa 0.5. Wanda ke yini cikin ruwan fadama ba takalmi, ga ƙananan ƙwayoyi, ga iyosinofil sun hau, abin zargi biyu ne: tsargiya mai sa fitsarin jini, da tsutsar hanji mai shan jini. Sai a auna fitsari da bayan gida. In aka ba shi ƙarfe kaɗai aka bar tsutsar, an yi ɗiban ruwa da kwando.

Wasu ƙananan injuna kashi uku kawai suke nunawa: LYM, MID da GRAN. A irin wannan takarda iyosinofil ba su da layinsu, don haka a nemi ma'aikacin ɗakin awo ya shafa jinin a gilashi ya ƙirga su da madubin likita. Haka kuma fararen ƙwayoyi da ba su hau ba ba shaidar lafiya ba ce, domin a taifot sukan tsaya daidai ko ma su sauka. Wasu baƙar fata kuma nutrofil ɗinsu yana ɗan ƙasa da abin da aka buga a gefen takarda ba tare da wata cuta ba.

Idan an kashe tsutsar aka fara maganin ƙarfe, a sake awo bayan wata guda; ana sa ran Hb ya ƙaru da 1 zuwa 2. Bayan ya daidaita a ci gaba da sha wata uku, don jiki ya mayar da ajiyarsa.