Yadda Ake Rubuta Sunan Waƙa Don Mai Nema Ya Same Ta

A Magariya da Dungas, waƙa ta saba yawo daga waya zuwa waya. Wani ya tura wa wani ta WhatsApp, wani ya je wurin mai turi a kasuwa a zuba masa a memori. Idan ta biyo ta WhatsApp, sau da yawa sunanta kan zama haruffa da lambobi irin waɗannan:

```
AUD-20240312-WA0007
```

A cikin gari wannan ba ya hana komai, domin kowa ya san muryar mawaƙin. Amma a YouTube ko Audiomack abin ya sha bamban. Mai nema ba ya jin muryarka tukuna. Rubutu yake bugawa, manhajar kuma ta kawo masa abin da ya yi daidai da rubutun. Waƙar da aka ɗora da lambobi tana nan, amma babu mai isa gare ta.

Mu ƙaddara wani mai gurmi ne a Dungas, sunansa Habu. Ya yi waƙa a kan noman riɗi, ya sa mata suna Riɗin Bana. Kafin ya ɗora ta, aikinsa na farko shi ne ya tsayar da sunansa.

Nan ne mawaƙanmu suka fi yin asara. A Nijar, wanda ya yi lakwal zai rubuta Habou, kamar yadda ake yi da Faransanci. A Babura da Kano kuwa Habu za a rubuta. Garin ma haka ne: Dungass, Doungass, Dungas. Ko shahararren mawaƙin fadar Damagaram, Ma'azu Ɗan Alalo, za ka ga wasu sun rubuta shi Maazou Dan Alalo. Mutum ya san duk ɗaya ne, amma manhaja tana iya ɗaukar su mutum biyu. Idan Habu ya rubuta sunansa iri uku a waƙoƙi uku, wanda ya ji ta farko ta burge shi ba lalle ya ga sauran ba.

Saboda haka ya zaɓi rubutu ɗaya, ya riƙe shi har abada. Tunda masu suna Habu suna da yawa, sai ya ƙara sana'a da gari: Habu Mai Gurmi Dungas. Wannan yana da amfani musamman a Spotify, inda ake shigar da waƙa ta hannun kamfanin rarrabawa. Idan suna ya zo ɗaya da na wani, waƙarka tana iya faɗawa shafinsa, kuma sau da yawa gyaran sai an koma ta kamfanin.

A Audiomack akwai gurbin sunan waƙa daban, gurbin mawaƙi daban, da gurbin wanda ya taya waƙa. Kowane ya zauna a gurbinsa. YouTube kuwa layi ɗaya ne na take, wanda bai wuce harafi 100 ba. Habu zai rubuta:

```
Habu Mai Gurmi Dungas - Riɗin Bana
```

Kada ya fara da "sabuwar waƙa mai zafi". A ƙaramar waya farkon take kawai ake gani, kuma waƙar bana ba sabuwa ba ce baɗi.

Sai bayani, wato gurbin da aka rubuta wa Description. Layi biyu na farko su ne muhimmai, domin sauran yana ɓoye sai an taɓa. A nan Habu zai faɗi harshen waƙar, da irin kiɗan, da garinsa, da shekara. A nan ne kuma zai sa sauran rubutun sunansa. Mutane da yawa ba su da ɗ da ƙ a wayarsu, don haka ya rubuta sunan waƙar har da d marar lanƙwasa:

```
Waƙar Hausa ta gurmi a kan noman riɗi, 2024.
Dungass, Damagaram (Zinder), Niger.
Ridin Bana, Habou Mai Gourmi.
#Hausa #Gurmi #Dungass
```

Wasu kan jera sunayen manyan mawaƙan Kano a cikin bayani, alhali ba su cikin waƙar. Ban ga amfanin haka ba. Wanda ya zo neman wani ya tarar da kai, nan take zai fita, kuma dokar YouTube ta hana bayanin yaudara.

Bayan kwana ɗaya ko biyu da ɗorawa, ari wayar abokinka, ba taka ba, domin taka ta riga ta san ka. Buga sunanka da na waƙar yadda ɗan Magariya zai rubuta, sannan yadda ɗan Babura zai rubuta. Idan ɗaya bai fito da ita ba, koma cikin bayanin ka ƙara wannan rubutun.