Kafin ka tura kuɗin ɗaki a Gusau

Da zarar sunayen sababbin ɗalibai sun fito a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, sai hotunan ɗakuna su cika zaurukan WhatsApp: tayil a ƙasa, fanka a sama, ga rijiyar burtsatse, kuma wai saura ɗaki ɗaya. Ɗalibin da ke Sakkwato ko Funtuwa, wanda bai taɓa taka garin ba, shi ake hari. Shawarata ita ce, kada ko sisi ya bar hannunka sai wani naka ya tsaya da ƙafarsa a cikin ɗakin, ya ga mai gidan ido da ido. Ba a cinikin biri a sama.

A Zamfara, tambayar farko ita ce inda gidan yake, kafin a zo maganar farashi. A ranar 22 ga Satumba, 2023, 'yan bindiga sun shiga gidajen haya na ɗalibai a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, dab da jami'ar, suka tafi da fiye da ɗalibai ashirin, akasarinsu mata. A 2022 ma an ɗauki ɗalibai mata daga gidan haya a Tsafe. Saboda haka ka fara neman gado a ɗakunan kwanan makaranta ta ofishin kula da harkokin ɗalibai. In bai samu ba, ka tambaye su unguwannin da suka aminta da su a wannan zangon, domin lamarin tsaro yana sauyawa. Wanda ka aika ya duba ko gidan na tsakiyar jama'a ne ko shi ne na ƙarshe kafin gonaki, ya ga tsawon katanga da ƙarfin ƙyaure, ya tambayi maƙwabta ko akwai 'yan sintiri da dare. Ni dai da 'yata ce, gara ta zauna cikin garin Gusau, irin su Tudun Wada, tana biyan kuɗin mota kullum, da ta samu araha a bakin daji.

Sai kuɗi, inda aka fi ruɗa sababbin zuwa. A ce an yi maka hayar shekara naira 150,000. Dillali zai nemi la'adarsa, galibi kashi 10 cikin ɗari, wato 15,000, kuma wannan ba ta dawowa. Mai gida zai iya neman kuɗin ajiya na ɓarna, a ce 20,000, waɗanda naka ne: ranar tashi za a cire kuɗin abin da ka lalata, a ba ka saura. Kafin alƙalami kuwa wani ɓangare ne na hayar kanta. In ka ba da 30,000 don a riƙe maka ɗakin, 120,000 suka rage a kanka. Jimillar abin da zai fita daga aljihunka 185,000 ne, kuma duk wanda ya kira maka adadi dunƙule, ka sa ya rarrabe maka shi haka a rubuce. A rubuta har da makomar kafin alƙalamin in kai ka fasa, ko in mai gida ne ya fasa, domin a nan rigima ta fi tashi. Ranar da ka karɓi makulli ka ɗauki hoton tsagar bango da karyayyar taga, ka tura wa mai gidan, don kada a ci kuɗin ajiyarka da ɓarnar wani.

Ɗan damfara yana da alamu. Yakan hanzarta ka, ya ce wani na tsaye da kuɗi a hannu. Yakan ce ya yi tafiya, makulli na wurin yaronsa, amma ka fara turo kuɗin dubawa. In ka nemi ya kira ka ta bidiyo daga ƙofar gidan, ya nuna maka layin har cikin ɗaki, sai ya ce sabis babu kyau. Sunan da zai fito a asusun banki kafin ka tura kuɗi kuma ya saɓa da wanda ya faɗa maka.

Akwai wanda ya fi wannan wuyar ganewa, wato ɗalibin da hayarsa ta kusa ƙarewa, ya nuna ɗaki na gaske da makulli na gaske, ya karɓi kuɗin shekara wurin mutum biyu ko uku, ya bar gari. Maganinsa shi ne a je wurin mai unguwa a tabbatar da mamallakin gidan, a biya shi kai tsaye ko wakilin da ya nuna da bakinsa, gaban shaidu biyu, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar ɗaki da ranar shiga da ta fita.

In kuwa kuɗin sun riga sun tafi, ka kira bankinka a ranar, ka ba su shaidar turawa da lambar asusun, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda, sannan ka sanar da hukumar makaranta. Kada ka goge hirarku da ɗan damfarar, za a buƙace ta.