Amsoshin Tambayoyinku: Takardar Uzuri Zuwa Ga Malamin Makaranta

Malama mai sauraronmu daga Zariya, wadda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar mata da ɗa, likita kuma ya umurta ya huta mako guda, ta tambaya yadda za ta sanar da malaminsa.

To, Malama, Allah ya ba shi lafiya. Ki aika da takardar tun ranar farko, kada a rubuta masa fashi ba bisa uzuri ba. Bayan sallama da gaisuwa, ambaci cikakken sunan yaron da ajinsa, da ranar da ciwon ya fara, da adadin kwanakin da likita ya ƙayyade, domin kalmar "sai ya warke" ba ta nuna wa malami lokacin da zai sa ran ganinsa. Misali: "Ba shi da lafiya tun Litinin, likita ya ba shi hutun kwana 7, zai dawo Litinin mai zuwa in Allah ya yarda."

Ki haɗa da kwafin shaidar likita, ki roƙi alfarmar a keɓe masa darussan da suka wuce shi. Idan kuwa cutar mai yaɗuwa ce, kamar ƙyanda, wajibi ne ki bayyana sunanta, saboda haƙƙin sauran ɗalibai.