Zinaren da ke cikin waya: a ina yake ajiye?

Tambaya: Ni ma'aikaciya ce a Abuja. An tallata mini wata manhaja da zan riƙa tara zinare da naira dubu 50 duk wata. Ko akwai haɗari?

Amsa: Hajiya, ga yadda abin yake. Kin tura kuɗi, kamfanin ya raba su da farashin giram na ranar, ya rubuta nauyin a asusunki. A ce giram yana naira dubu 200, kin samu rubu'in giram ke nan. Amma in kamfanin na saye daga hannunki a kan dubu 190, dubu 47 da 500 za ki karɓa ko da a ranar kika sayar. In kuma sai kin tara giram 10 za a ba ki ƙarfen a hannu, kin ga wata 40 ne a gabanki, shi ma in farashi bai motsa ba.

Babbar magana ita ce ta mallaka. Wani kamfanin yana ware zinare da sunan masu saye, ya ajiye a ma'ajiyar wani kamfani daban. Wani kuwa alkawari kawai yake yi, wato bashi kike bin sa. Ranar da ya durƙushe, mai zinaren da aka ware yana da abin nunawa ya ce nasa ne, ɗayan sai ya bi sahun masu bin bashi. Inshorar NDIC ta ajiyar banki ce, ba ta kai nan ba. Ta fuskar shari'ar Musulunci ma haka ne: ƙa'idar AAOIFI ta 57, wadda ta fito a 2016, ta sharɗanta a ware zinaren, a damƙa wa mai saye shi ko shaidar mallakarsa ba da jinkiri ba.

Don haka ki nemi jerin sandunan da ke ma'ajiya. A jerin, kowace sanda tana da lamba, da sunan matatar da ta tace ta, da nauyi, da matakin tsabtar zinarenta. Kasuwar Landan ba ta karɓar ƙasa da 995 cikin dubu. Zinaren kwalliya mai karat 18, irin wanda ake samu a kasuwar Wuse, 750 ne, kada a lissafa miki shi da kuɗin 999. Sai rahoton mai bincike daga waje, mai kwanan wata, wanda ya nuna nauyin da ke ma'ajiya ya kai abin da aka sayar wa jama'a. Hoton zinare a kan tebur ba hujja ba ce.

Ki duba sunan kamfanin a jerin masu rajista na hukumar SEC. Takardar CAC rajistar kamfani ce kawai. Wanda ya ce miki riba tabbas duk wata kuwa, ki bar masa kayansa, zinare ba ya haihuwa a ma'ajiya. In sun kasa kawo jerin sandunan, Hajiya, kada ki tura ko sisi.