Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Neman Aiki a Bankin da Ba Ruwansa da Kuɗin Ruwa

Tun da bankin Jaiz ya buɗe ƙofa a watan Janairun 2012 da rassa uku a Abuja da Kaduna da Kano, bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa suke ƙaruwa a Najeriya. TAJ ya biyo baya a ƙarshen 2019, Lotus ya samu lasisi a 2021, daga baya kuma Alternative ya fito daga jikin Sterling ya tsaya da ƙafarsa. Da zarar ɗayansu ya yi shelar ɗaukar sababbin ma'aikata, takardu sukan yi ta kwarara, kuma mafi yawansu kamar mutum ɗaya ne ya rubuta su: mai nema Musulmi ne, yana ƙin riba, ya daɗe yana burin aiki a wuri mai tsafta. Mai tantancewa ya gaji da karanta wannan. Abin da yake lalube shi ne wanda zai iya zama da ɗan kasuwa ya ƙulla ciniki daidai ba tare da ya jefa bankin cikin matsala ba. Aikin wasiƙarka kenan: ta nuna cewa karatun da ka yi zai amfanar a kan teburin aiki.

Mu ɗauki misalin matashi ɗan unguwar Tudun Wada a Minna. Ya karanta tattalin arziki a jami'ar jihar Neja da ke Lapai, ya gama hidimar ƙasa, sannan ya ƙara da difloma a cibiyar nazarin bankin Musulunci ta Jami'ar Bayero a Kano. Gurbin da yake nema na jami'in hulɗa da abokan ciniki ne. Ga yadda zai bi.

Mataki na farko: karanta tallar kafin ka rubuta komai

A irin wannan banki ayyuka sun bambanta, kuma kowanne da irin ilimin da yake so. Jami'in hulɗa da abokan ciniki yawo ne aikinsa, ya nemo masu ajiya da masu son jari. Na sashen tantance masu neman jari lissafi ne gabansa, ya gano ko mutum zai iya biya. Na sashen binciken bin shari'a kuwa takardun cinikin da aka riga aka yi yake bi ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ka ja layi a ƙarƙashin abubuwa biyu ko uku da tallar ta fi nanatawa, ka ajiye su kusa da kai. Duk jimlar da ba ta amsa ɗayansu ba, ba ta da wurin zama a wasiƙar.

Daga nan ka leƙa shafin bankin ka ga hajojin da yake tallatawa da sunayen da ya ba su. Idan da reshensa kusa, ka shiga ka karɓi takardar bayani a hannun ma'aikatan. Wanda ya ambaci hajar wani banki a wasiƙar da ya aika wa wani bankin ya tona wa kansa asiri cewa wasiƙa ɗaya yake rabawa ko'ina.

Mataki na biyu: zaɓi ciniki ɗaya daga karatunka

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Wanda ya fito daga makaranta yakan so ya jero duk abin da ya haddace: Murabaha, Mudaraba, Musharaka, Ijara, Salam, Istisna'i, Takaful. Jerin suna bai nuna sani ba, domin kowa zai iya kwafo shi. Ka zaɓi ɗaya da ya fi kusa da gurbin, ka nuna ka san yadda ake gudanar da shi da kuma inda yake lalacewa.

Matashinmu Murabaha ya kamata ya zaɓa, domin ita ce abin da ƙananan 'yan kasuwa suka fi buƙata. A ce mai shagon hatsi a Kasuwar Kure yana son shinkafa ta naira miliyan 2. Banki ba zai zuba masa kuɗin a asusu ba. Zai sayi shinkafar daga dila, ta zama mallakarsa, asararta ta hau wuyansa ko da na ɗan lokaci ne, sannan ya sayar wa mai shagon a kan miliyan 2 da dubu 300, a biya cikin wata 10, dubu 230 kowane wata. Mai shagon ya san kuɗin saye, ya san abin da aka ɗora, kuma farashin ba zai motsa ba bayan an ƙulla. Idan ya yi jinkirin biya da gangan aka ci shi tara, kuɗin tarar sadaka ake bayarwa, ba ya shiga cikin kuɗin shigar banki.

Ga inda abin yake ɓaci. Idan jami'i ya yi gaggawa ya sa mai shago ya sa hannu a takardar sayarwa kafin banki ya mallaki kayan, to banki ya sayar da abin da ba nasa ba. Haka nan idan ta bayyana cewa mai shagon ya riga ya karɓi shinkafar daga dila tun makon jiya, yanzu kuɗin biyan bashi kawai yake nema, ciniki ya koma rance da ƙari. Ana gane wannan ta kwanan watan da ke kan rasiɗin dila da na takardar karɓar kaya. Idan masu bincike suka gano, abin da bankin ya ci a cinikin yana iya fita daga hannunsa. Mai neman aikin da ya nuna ya san wannan ya gaya wa banki cewa ba zai jawo masa asara ba.

Mataki na uku: tsara wasiƙar a sakin layi huɗu

Da Turanci za a aika ta, amma ka fara warware maganarka da harshen da kake tunani da shi, domin abin da ka kasa bayyana wa ƙaninka da Hausa ba za ka iya rubuta shi da kyau da Turanci ba. Adireshinka da kwanan wata a sama, sai na shugaban sashen ma'aikata na bankin, sai gaisuwa, sai kanun da ya ambaci gurbin daidai da yadda tallar ta rubuta shi.

Sakin layi na farko gajere ne: gurbin da kake nema, inda ka ga tallar, digirinka da shekarar gamawa, da cewa ka kammala hidimar ƙasa.

Na biyu shi ne zuciyar wasiƙar. Matashinmu zai iya cewa: "A binciken kammala difloma na yi nazarin yadda masu sayar da hatsi a Kasuwar Kure suke samun jari. Na ga da yawansu suna karɓar kaya bashi daga dila kafin su nemi banki, wanda hakan ke hana a yi musu Murabaha ingantacciya. Na koyi duba kwanan watan rasiɗi da tabbatar da cewa banki ya mallaki kaya kafin a sa hannu a takardar sayarwa." Jimla uku ke nan, amma sun haɗa karatu da kasuwa da aikin ofis. Sharaɗi dai shi ne ya zama abin da ka yi da gaske. Idan ba ka yi bincike irin wannan ba, ka kawo aikin aji ko abin da ka gani a wurin sanin makamar aiki, ka faɗe shi a matsayinsa.

Na uku ya amsa tambayar da manajan reshe zai yi a ransa: wannan yaro zai kawo mutane? A nan zaman Minna jari ne. Idan kana jin Nufanci ko Gwaranci ban da Hausa da Turanci, ka faɗa. Idan ka taɓa riƙe littafin adashi ko asusun wata ƙungiya, ko ka tsaya a shagon babanka, ka ambaci yawan mutanen da tsawon lokacin. Idan za ka iya bayyana wa mai ajiya abin da sukuk yake nufi, ka nuna da misalin da ya sani: sukuk na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 na naira biliyan 100 ne, an gina shi a kan Ijara, kuma hanyar Suleja zuwa Minna tana cikin hanyoyin da aka ware wa kuɗinsa.

Na huɗu rufewa ne: ka haɗo takardar tarihin karatu da aiki, a shirye kake a kira ka intabiyu, kuma za ka yi aiki a duk reshen da aka tura ka, idan har gaskiya ne. Sai sa hannu da cikakken suna da lambar waya.

Mataki na huɗu: cire abin da zai kayar da kai

Ka sake karantawa kana neman abubuwa uku. Na farko wa'azi. Bankunan nan da lasisin Babban Bankin Najeriya suke aiki, ƙa'idojinsa sun hana su nuna bambancin addini ga abokan ciniki, kuma akwai Kiristoci cikin ma'aikatansu da masu ajiya. A gari irin Minna, wanda zai karanta wasiƙarka ma zai iya kasancewa ba Musulmi ba. Zagin sauran bankuna ko jero ayoyi zai sa a yi shakkar yadda za ka karɓi kowa da kowa.

Na biyu ɗaukar rigar malanta. Kowane banki irin wannan yana da kwamitin masana da ke yanke hukuncin abin da ya halatta, a Babban Banki kuma akwai majalisar masana da ke sama da su. Kai mai aiwatarwa ne. Rubuta cewa ka karanta mizanan shari'a na hukumar AAOIFI da ke Bahrain yana da kyau idan ka karanta, amma ka sani za a tambaye ka a kansu.

Na uku harshen bankin ruwa. Idan a bayanin Murabaha ka rubuta cewa banki ya ba da rance ya ɗora kashi kaza, ka rushe sakin layinka na biyu da hannunka. Banki ya saya, ya mallaka, ya sayar. A Ijara kuwa haya ya bayar, kuɗin haya yake karɓa.

Mataki na biyar: dubawa da aikawa

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Ka ba wani mai Turanci ya duba nahawu, ka ba wanda ya san harkar ya duba sakin layi na biyu. Ka tabbata sunanka da shekarun karatunka sun yi daidai da na takardun shaida, domin saɓanin shekara ɗaya ya isa a ajiye ka gefe. Ka mayar da ita PDF, ka sa wa fayil ɗin sunanka, ka aika ta hanyar da tallar ta faɗa kawai. Idan a shagon kwamfuta aka buga maka, ka tsaya a kansu, domin sau da yawa tsohuwar wasiƙar wani suke buɗewa su canza suna, sai ka tarar da sunan wani banki a tsakiyar taka. Duk wanda kuma ya nemi ka biya kuɗin fom ko na shiga intabiyu, ka ja da baya ka tabbatar daga reshen bankin.

A ƙarshe ka ajiye kwafi ɗaya a hannunka. Ranar intabiyu daga cikinta za a ciro tambayoyi, kuma mai yiwuwa a ce ka ɗauki biro ka lissafa cinikin shinkafar nan daga saye har biyan ƙarshe, sannan a tambaye ka abin da za ka yi idan kayan suka jiƙe a mota kafin su isa shagon. Amsar tana cikin abin da ka rubuta: muddin banki bai sayar ya miƙa su ba, kayansa ne, asarar ma tasa ce.