Wasiyya a Rubuce: Inda Shaidu Suke Ɓata Ta

Yawancin masu rubuta wasiyya hankalinsu yana kan rabon: wa zai ɗauki gida, wa zai ɗauki gona. Alƙali kuwa ƙasan takardar yake fara dubawa, wurin sa hannu.

Dokar Wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda Najeriya ta gada kuma dokokin jihohi suka kwaikwaya, ta ƙayyade tsarin a sashe na 9. Dole wasiyyar ta kasance a rubuce. Mai ita ya sa hannu, ko ya dangwala yatsa, ko wani ya sa masa a gabansa bisa umarninsa. Sannan a yi hakan a gaban shaidu aƙalla biyu da suke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa.

Wannan sharaɗi na haɗuwa a lokaci guda shi ne ke kayar da mutane. A ce wani ɗan kasuwa ya sa hannu shi kaɗai a ɗakinsa, da safe ya aika wa amininsa takardar ya sa hannu, da yamma maƙwabcinsa ya sa. Sa hannu uku sun cika, babu na jabu, amma wasiyyar ba ta inganta ba, domin shaidun ba su haɗu a gabansa ba. Da ya tara su ya nuna musu sa hannun ya ce nasa ne, sannan suka sa nasu, da ta tsaya. A shari'ar Apatira da Akanke ta 1944, kotu ta ƙi amincewa da wasiyyar wani Musulmi da ya rubuta ta a tsarin Turawa amma bai cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Zaɓen shaida ma akwai tarko. Sashe na 15 ya soke duk kyautar da aka yi wa shaida, ko mijinta, ko matarsa. Wasiyyar tana nan, shi dai shaidar ya tashi a tutar babu. Gara a nemi baƙi biyu masu hankali, waɗanda ake sa ran ba za su riga mai wasiyyar mutuwa ba. Haka kuma gyara da biro bayan an gama ba ya aiki sai an sake sa hannu da shaidu a gefensa.

Ga Musulmi akwai ƙarin iyaka: wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da rushe wasiyya a shari'ar Ajibaiye daga Jihar Kwara saboda ta saɓa wa shari'ar Musulunci. Dokokin jihohi sun bambanta a nan, don haka mai niyya ya tambayi lauya dokar jiharsa tun kafin ya kira shaidu.